A rubuta wa kowane layi sunansa a jikinsa, a daina aika mai karatu neman launi

Kwanakin baya aka miƙo mini wani rahoto da aka buga a takarda, baƙi da fari, aka ce in duba shafin da ke da zanen alƙaluma in faɗi abin da na gani. Layuka biyar ne a zanen, suna hawa suna sauka, wasu na tsallake wasu. A ƙasa akwai ɗan akwati mai sunaye biyar, kowane suna da guntun layi a gefensa. Babu shakka a allon kwamfutar wanda ya yi aikin, guntayen nan launi biyar ne daban-daban. A takardar da ke hannuna kuwa duk sun koma ruwan toka, uku daga cikinsu ba a ma iya bambanta su. A bayan layukan kuma an shimfiɗa raga baƙa ƙirin, tsaye da kwance, kaurinta ɗaya da na layukan da ake son a duba.

Abin ya ɓata mini rai, domin alƙaluman daidai suke, kuma an sha wahala kafin a tara su. A matakin ƙarshe ne aikin ya lalace, lokacin da manhaja ta fito da zanen a yadda ta saba fito da shi, mai aikin kuma ya karɓa bai taɓa komai ba.

Matsayina a kan wannan ba mai wuya ba ne. In zane yana da layuka ko sanduna da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, a rubuta sunan kowanne a jikinsa, a goge akwatin launuka, wanda manhajoji ke kira `Legend`. Ragar baya kuma a rage ta, a dusashe ta har sai mai nemanta ne kawai zai lura da ita. Dalilina shi ne akwai wani aiki da dole wani ya yi, wato haɗa kowane layi da sunansa. Ko dai mai zanen ya yi shi sau ɗaya, ko kuma kowane mai karatu ya yi shi da kansa duk lokacin da ya kalli zanen. Akwatin launuka hanya ce ta ɗora wa mai karatu aikin.

Zirga-zirgar da akwatin ke sa ido

Ka lura da kanka wata rana kana karanta irin wannan zane. Ka ga layi ya yi sama, kana son sanin na mene ne. Sai ka riƙe launinsa a ka, ka ɗauke ido daga layin, ka gangara akwatin, ka bi guntayen ɗaya bayan ɗaya har ka samu mai kama da shi, ka karanta sunan, sannan ka koma zanen ka nemo inda ka tsaya. Wannan na layi ɗaya ne. Kafin ka gama da na uku, ka manta ko shuɗi mai duhu ne tari ko shuɗi mai haske, sai ka sake gangarawa. A inda layuka biyu suka haɗu suka rabu kuwa, wajen da labarin zanen yake, nan ne ka fi yawan komawa.

Akwai abin da ke ƙara wahalar. Jerin sunayen da ke cikin akwatin yakan bi jerin da aka shigar da bayanan a jadawali, ba jerin da layukan suka tsaya a zanen ba. Layin da ke saman kowanne yana iya zama na huɗu a akwatin. Idan akwatin a kwance yake a ƙasa, to sunayen suna tafiya daga hagu zuwa dama alhali layukan suna jere daga sama zuwa ƙasa. Babu abin da ke taimakon ido sai launi kaɗai.

Launi kuma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Injin buga takarda yana cinye shi. Majigi a ɗakin taro mai haske yana wanke shi, ja da ruwan lemo su zama abu ɗaya. Sannan akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore yadda na sauran mutane ke yi. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da wannan matsala, mata kuma kusan 1 cikin 200. Adadin ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, amma babu inda babu su, kuma ba sa ɗaga hannu a taro su ce ba su gane ba. Shi ya sa ƙa'idojin `WCAG`, waɗanda ake bi domin shafukan intanet su karantu ga kowa, suka ce kada launi ya zama shi kaɗai ne hanyar isar da bayani. Suna a jikin layi yana warware wannan ba tare da wani ƙarin aiki ba.

Masu nazarin koyo sun daɗe da gano haka. A farkon shekarun 1990, Paul Chandler da John Sweller a Ostireliya sun gwada darussa iri biyu: ɗaya zane a gefe guda, bayaninsa a wani gefen, ɗayan kuma an rubuta bayanin a cikin zanen, kusa da abin da yake magana a kai. Waɗanda aka haɗe musu zane da bayani sun fi fahimta. Ƙwaƙwalwa abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda, kuma in ta ɓata ƙarfinta wajen haɗa wannan da wancan, abin da ya rage na tunani a kan saƙon ba shi da yawa.

Kuma rubuta suna a jikin layi ba sabon yayi ba ne. William Playfair, ɗan Sikotilan da ake jingina wa ƙirƙiro zanen layi da na sanduna na tattalin arziki, ya fitar da nasa a 1786. A zanensa na cinikin Ingila da Denmak da Norwe daga 1700 zuwa 1780, layi biyu ne, ya rubuta a jikin ɗaya cewa na kayan da ake shigowa da su ne, a jikin ɗayan na kayan da ake fitarwa. A filin da ke tsakaninsu ma ya rubuta wa wanda cinikin ya fi amfana. Yana da raga a bayan zanen, wannan gaskiya ne, amma bai aika kowa neman launi a wani akwati ba. Wanda yake zane da hannu ya san rubutu a gefen layi shi ne mafi sauƙi. Manhaja ce akwati ya fi mata sauƙi, tunda ba sai ta yi tunanin inda suna zai zauna ba.

Mu gyara zane ɗaya

Mu ƙaddara wani ƙaramin asibiti yana ƙirga masu zuwa kowane wata da matsaloli biyar: zazzaɓi, tari, gudawa, rauni da ciwon ido. Alƙaluman na misali ne. A ce a watan Disamba zazzaɓi ya tsaya a 410, tari 265, gudawa 250, rauni 120, ciwon ido 60. A ce kuma gudawa tana 90 a watan Afrilu, daga nan ta riƙa hawa, sauran huɗun kuma ba su motsa sosai ba. Abin da shugabar asibitin ke bukatar gani shi ne gudawa ta kusa ninka uku, tana gab da kamo tari.

Zanen farko yana da ma'auni a hagu daga 0 zuwa 500, da layin raga a kowane 50. Layuka 11 ke nan a kwance. An ƙara na tsaye, ɗaya ga kowane wata, 12. Jimilla layukan raga 23 a kan layukan bayani 5. Idan duk kaurinsu da duhunsu ɗaya ne, layin gudawa ɗaya ne cikin 28 da ke neman hankalin ido.

Da ragar nake farawa. Na tsaye duk a goge su, domin sunayen watanni a ƙasa sun isa. Na kwance a mayar da tazararsu 100, su koma 6 har da na sifili. A mayar da su ruwan toka mai haske, siraran gaske, kamar rabin maki a ma'aunin kaurin layi na manhaja, layukan bayani kuma su kai maki biyu ko fiye. Layin sifili kaɗai za a ɗan bar shi da duhu, tunda daga shi ake awo. A cire kewayen zanen, a cire launin bayan fili in akwai. A Excel ana samun tazarar a `Format Axis`, wajen `Major`, launi da kauri kuma a `Format Gridlines`.

Sai sunaye. Wurinsu na farko shi ne ƙarshen layi ta dama, domin nan ido ke ƙarewa in ya bi layin daga Janairu zuwa Disamba, kuma nan ne halin da ake ciki yanzu. A Excel, ka danna layin sau ɗaya, duk ɗigoginsa za su haskaka. Ka sake danna ɗigon ƙarshe shi kaɗai, ka danna maɓallin dama ka zaɓi `Add Data Label`. Lamba za ta fito. Ka buɗe `Format Data Label`, ka sa alama a `Series Name`, ka zaɓi `Right` a `Label Position`. In ka bar alamar `Value`, sunan zai fito tare da lambarsa, wato gudawa da 250 a wuri ɗaya, kuma a wannan zanen haka nake so. Ka yi wa sauran huɗun haka. Sannan ka ja gefen dama na filin zanen ciki, domin sunayen su samu wurin zama. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ga suna ya karye gida biyu ko ya hau kan layi, su ce abin ba ya yiwuwa, alhali fili ne kawai ba su bari ba. Filin da akwatin ya ci a da, shi ne za ka mayar nan. Daga ƙarshe ka danna akwatin ka goge shi.

Yanzu matsalar da kowa ke karo da ita. Tari yana 265, gudawa 250, bambanci 15. Idan tsayin filin zanen santimita 10 ne a kan ma'auni mai 500, kowane 50 santimita ɗaya ne, 15 kuma milimita 3. Rubutu mai girman maki 10 yana cin kusan milimita 3 da rabi. Ke nan sunayen biyu za su taɓa juna, ko kaɗan ne. Maganin a nan ƙarami ne: ka ja sunan tari sama da kamar milimita ɗaya, na gudawa ƙasa da kamar haka. Jerin bai canja ba, tari na sama, gudawa na ƙasa, kowanne kuma launinsa ɗaya da na layinsa, saboda haka babu mai ruɗewa. Da a ce bambancin 3 ne maimakon 15, da sai in ɗauke sunan gudawa daga ƙarshe in kai shi wajen watan Agusta, inda layinta yake shi kaɗai a fili, in ajiye shi daidai samansa. Babu dokar da ta ce duk sunaye sai a ƙarshe. Dokar ita ce kada suna ya fi kusa da layin wani a kan nasa.

A kula da launin rubutu. Launin da ya yi kyau a layi mai kauri ba lallai ya karantu a ƙananan haruffa ba. Rawaya da kore mai haske a kan fari su ne suka fi cutarwa. A irin wannan hali a ɗauki launin a ƙara masa duhu domin rubutun, layin ya zauna yadda yake. Ƙa'idojin da na ambata suna neman bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma akwai kayan gwajin haka kyauta.

Da zarar kowane layi ya samu suna, sai wani abu ya buɗe: launi ya huta daga aikin faɗin suna, ana iya ba shi wani aikin. Layukan zazzaɓi, tari, rauni da ciwon ido su koma ruwan toka mai matsakaicin duhu, gudawa kaɗai ta samu launi mai ƙarfi da ɗan ƙarin kauri. A rubuta 90 a ɗigon Afrilu. Kan zanen kuma, maimakon ya ce yawan marasa lafiya wata-wata, ya ce gudawa ta tashi daga 90 zuwa 250 tsakanin Afrilu da Disamba. A ƙarƙashinsa a ƙananan haruffa a faɗi abin da ake ƙirgawa da shekarar. Wannan zanen ko an buga shi baƙi da fari, ko an ɗauki hotonsa da waya an tura, saƙonsa yana nan.

"Ai ragar ce ke nuna lamba daidai"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, domin masu kawo ta mutane ne da ba sa son a yi wasa da alƙaluma. Amma mu duba abin da ragar ke bayarwa. Da layi a kowane 50, ɗigon 265 yana tsakanin 250 da 300, mai karatu zai ce wajen 260 ko 270. Bai samu lamba daidai ba, ƙiyasi ya samu. In 265 tana da muhimmanci, a rubuta 265 a wajen. In kuma duk lambobi 60 ɗin ake bukata daidai, watanni 12 sau matsaloli 5, to jadawali ake nema, a sa shi a ƙarƙashin zanen ko a shafin gaba. Aikin zane shi ne nuna siffa: me ya hau, me ya sauka, ina suka haɗu.

Duk da haka ban ce a goge ragar gaba ɗaya a kowane zane ba. A zanen layi mai faɗi, ido yana bukatar abin da zai bi daga ma'aunin hagu zuwa ɗigon da ke can dama, kuma layuka huɗu zuwa shida masu haske suna yin wannan aikin. Akwai ma inda raga dole ce. Katin awon girman yaro da ma'aikaciyar lafiya ke ɗiga nauyi a kansa da biro, ko takardar da injiniya ke karanta ƙima daga cikinta, waɗannan kayan aiki ne, ragarsu ita ce aikin. Haka zane mai ma'aunin da ke ninkawa, inda tazarar 10 zuwa 100 take daidai da ta 100 zuwa 1000: in babu raga mai karatu ba zai san da haka ba. Edward Tufte, wanda a 1983 ya yaɗa ra'ayin cewa yawancin tawadar zane ya kamata ta tafi ga bayani, ya yi gaskiya a kan tarkace, amma wanda ya ɗauki maganarsa ya bi ta har ya goge duk abin da ido ke dafawa, ya wuce gona da iri.

A zanen sanduna lamarin ya fi sauƙi, kuma ya fi haɗari. In sanduna biyar ne, a rubuta lambar kowace a bakinta, sai ragar da ma'aunin duka su zama maimaici, a cire su. In sunayen dogaye ne a kwantar da sandunan, suna a hagu, lamba a dama, kada a karkata rubutu mutum ya riƙa karya wuya. Haɗarin shi ne da zarar ma'auni ya tafi, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko sandunan daga sifili suka fara. Idan manhaja ta yanke ma'aunin ta fara daga 200, sandar 265 za ta fi ta 250 da kusan kashi ɗaya cikin uku a ido, alhali bambancin gaskiya kashi 6 cikin 100 ne. Saboda haka kafin ka goge ma'auni, ka tabbata ka kafe farkonsa a sifili da hannunka.

"Layukan nawa sun yi yawa"

Wani zai ce nasa layukan 14 ne, ba inda sunaye za su shiga. Gaskiya ne ba za su shiga ba. Amma akwati mai launi 14 ma ba ya aiki, bambancin kawai shi ne gazawarsa ba ta bayyana ga mai zanen, sai ga mai karatu. Babu idon da zai raba launi 14 a siraran layukan da suka cakuɗe. Rashin wurin suna alama ce cewa zanen ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Hanya biyu ce. Ko a zaɓi biyu ko uku da maganar ta shafa a ba su launi da suna, sauran su zauna a baya da ruwan toka. Ko a raba zanen zuwa ƙananan zanuka 14 masu ma'auni iri ɗaya, kowanne da layi ɗaya da sunansa a sama. A hanya ta biyu, ma'aunin ya zama ɗaya a dukkansu, in ba haka ba kwatancin ya lalace.

A nan ne wani zai tashi ya ce ware layi ɗaya da launi jan hankalin mutane ne zuwa abin da mai zane yake so. E, jan hankali ne, kuma ban ga laifinsa ba matuƙar an yi shi a fili. Wanda ya zauna da alƙaluman ya fi kowa sanin abin da ke cikinsu, ɓoye wannan sanin a bar mutane su lalubo ba adalci ba ne. Iyakar ita ce sauran layukan su kasance a wurin, ana iya karanta sunayensu, ma'auni bai canja ba, domin wanda bai yarda da kai ba ya samu abin da zai yi maka musu da shi.

"Zanena yana sabunta kansa"

Wannan matsala ce ta gaske. Sunan da ka maƙala wa ɗigon Disamba da hannu, a nan zai zauna in aka ƙara Janairu, layin ya wuce ya bar shi. Ga rahoton da ake yi sau ɗaya ba komai. Ga wanda ake ƙara wa bayani kowane wata, akwai dabara. A buɗe wa kowane layi wani ginshiƙi na taimako mai suna iri ɗaya, wanda ke nuna lamba a jeren ƙarshe kawai. In bayanan suna ginshiƙin B, a jere na 2 a rubuta wannan, a ja shi ƙasa:

```
=IF(AND(B2<>"",B3=""),B2,NA())
```

Duk jeren da ba na ƙarshe ba zai ba da `#N/A`, wanda Excel ba ya zanawa. Sai a saka ginshiƙin a zanen a matsayin sabon layi, wanda ɗigo ɗaya kawai yake da shi, a kunna masa `Series Name`. Duk watan da aka ƙara, ɗigon da sunansa za su matsa gaba da kansu. Sharaɗi biyu ne: kada a bar giɓi a tsakiyar bayanan, domin jeren da ya zo kafin giɓin ma zai ɗauka shi ne na ƙarshe, suna ya fito sau biyu, sannan iyakar bayanan zanen ta haɗa da jeren watannin da ba su zo ba. Abin da dabarar ba ta magancewa shi ne karon sunaye. In wata mai zuwa gudawa ta kai 263, sunanta zai hau kan na tari, kuma babu wanda zai gyara sai mutum ya duba. A allon da ke sabunta kansa kullum ba mai dubawa, na yarda a bar akwatin, amma a kai shi saman zanen inda ido ke farawa, a jera shi yadda layukan suka saba jeruwa.

"Zanen ya yi fayau, kamar ba a yi aiki ba"

Na sha jin wannan, yawanci daga wanda za a kai wa rahoton ko wanda ke tsoron abin da zai ce. Wasu ma suna kafa hujja da wani bincike na 2010 da Scott Bateman da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada. Sun nuna wa mutane zanuka masu ado da hotuna, irin na mai zanen alƙaluma Nigel Holmes, da kuma tsirarun zanuka masu ɗauke da bayani iri ɗaya. Fahimta ba ta ragu ba a masu adon, kuma bayan mako biyu zuwa uku mutane sun fi tuna su. Binciken gaskiya ne, kuma ya kamata masu tsananin son tsiraita zane su saurare shi. Amma adon da aka gwada hoto ne da ƙwararre ya zana domin ya dace da maganar. Ba raga mai kauri ba ce, ba akwatin launuka ba ne, ba inuwar da manhaja ke sa wa sanduna ba ce. Babu wanda ya taɓa tuna wani zane saboda layukan ragarsa 23.

Akwai wuraren da akwatin yake da hurumi, kuma ba na jayayya a kansu. Taswirar da duhun launi ke nuna yawa tana bukatar ma'aunin launi, tunda ba za a rubuta lamba a kowane yanki ba. Zanen ɗigo-ɗigo da rukunoninsa suka gauraye babu inda za a ce nan ne wurin wane. Sanduna masu hawa-hawa da wasu yankunansu sirara ne ƙwarai, su ma wani lokaci sai da akwati, ko da yake sau da yawa ana iya rubuta sunayen a gefen sandar ƙarshe, kowanne daidai da yankinsa. A allon waya kuma faɗi yana da tsada: in sunaye a dama za su cinye kashi ɗaya cikin uku na fili, gara a ɗora su a saman layukan a cikin zanen, ko a gajarta su. "Ciwon ido" ya koma "Ido", tunda kan zanen ya riga ya faɗi cewa marasa lafiya ake ƙirgawa.

Wanda ba ni da uzuri a kansa ko kaɗan shi ne akwatin da ke zaune a gefen zane mai layi ɗaya ko sanduna masu launi ɗaya, yana cewa `Series1`, sunan da manhaja ke sawa da kanta. Ba ya faɗin komai, kuma yana cin wuri. A goge shi, a rubuta abin da ake aunawa a kan zanen.

Kafin zane ya bar hannunka, ka buga shi baƙi da fari, ko ka mayar da hotonsa ruwan toka a allo. Ka miƙa wa wanda bai san alƙaluman ba, kada ka yi masa bayani, ka tambaye shi wane layi ne ya fi tashi, kuma na mene ne. Ka kalli idonsa yayin da yake dubawa. In ya sauka ƙasan zanen ko ya koma gefe yana neman wani abu, ka tambaye shi me yake nema, ka ɗauki abin ka rubuta shi a daidai inda idonsa ya baro.